Jarrabawa Ranar Sallah: Wasiƙar da Ake Rubutawa Tun Kafin a Ga Wata

Yaron da ya tashi a Nahuce, ya yi firamare a nan, ya wuce sakandare a Bungudu ko Gusau, bai taɓa roƙon kowa ya ba shi ranar Sallah ba, domin ba a taɓa ƙwace masa ita ba. Fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato ke sanar da ganin wata, Ministan Harkokin Cikin Gida ya ba da hutun kwana biyu, makarantu su rufe tun daga islamiyyar unguwa har Jami'ar Tarayya ta Gusau. Malamin da ya kuskura ya sa jarrabawa ranar Idi shi kansa ba zai zo ba. Wannan tsari ya zauna daram har ba ma ganinsa, sai ranar da ɗanmu ya tsinci kansa a wata jami'a a Ingila ko a ƙasar Sin, ya buɗe jadawalin jarrabawa ya ga an sa masa takarda da ƙarfe tara da rabi na safe ranar goma ga Zulhajji. Daga nan sai batun rubuta wasiƙa ya taso. Abin da nake son tabbatarwa shi ne cewa ɗalibin yana da gaskiya idan ya rubuta, amma yawancin irin waɗannan wasiƙu suna faɗuwa saboda abu biyu da ke hannun mai rubutun: ya rubuta a makare, kuma ya roƙi abin da ba shi ya kamata ya roƙa ba.

Matsalar ba ta kowane ɗalibi ba ce. Cikin 'yan Zamfara da gwamnatin jiha ta tura karatu waje a shekarun baya, waɗanda suka je Sudan da Arewacin Cyprus sun tarar da Sallah a matsayin hutun ƙasa, haka ma a Indiya ranakun Idi biyu suna cikin hutun gwamnati. Inda ake karo shi ne ƙasashen da aka gina kalandar karatunsu a kan Kirsimeti da Ista, ko a kan bukukuwan gargajiyarsu. A Birtaniya manyan jarrabawoyi kan faɗo ne a watan Janairu, sai kuma daga Mayu zuwa tsakiyar Yuni. Shekarar Musulunci kuwa kwana 354 ce ko 355, don haka Sallah na matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, ta zagaye kalandar bature cikin kimanin shekara 33. Ƙaramar Sallah ta ratsa lokacin jarrabawar bazara daga 2018, da ta faɗo 15 ga Yuni, zuwa 2021, da ta faɗo 13 ga Mayu. Tana fita, Babbar Sallah ta shigo: 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025. Ke nan karon ba tsautsayi ba ne da ke aukawa mutum ɗaya, abu ne da ake iya hangowa shekaru kafin ya zo, kuma wannan shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa.

Hujja mafi ƙarfi a kan muhimmancin lokaci ta fito ne daga shari'ar wata Bayahudiya 'yar Birtaniya, Vivien Prais, wadda ta nemi aikin fassarar dokoki a Majalisar Tarayyar Turai ta wancan zamani. An sa jarrabawar ɗaukar aikin ranar Juma'a 16 ga Mayu 1975, ranar da ta zo daidai da farkon bikin Shavuot, wanda addininta ya hana ta tafiya da rubutu a cikinsa. Ta rubuta wasiƙa ranar 25 ga Afrilu tana neman wata rana, aka ƙi, ta kai ƙara Kotun Turai. A hukuncin 27 ga Oktoba 1976 kotun ta ce idan mai neman shiga jarrabawa ya sanar da hukuma a kan kari cewa addininsa ya hana shi wata rana, ya kamata hukumar ta lura da hakan ta yi ƙoƙarin kauce wa ranar, amma idan bai sanar a kan kari ba, hukumar na da damar ƙin sauyawa, musamman idan an riga an gayyaci sauran masu jarrabawar. Prais ta sha kaye. A lura da kyau: mako uku cur ta bayar tsakanin wasiƙarta da ranar jarrabawa, uzurinta kuma haramci ne ƙarara a addininta, duk da haka aka ce ta makara, saboda an riga an tsayar da rana an aika wa kowa. A kan kari, a idon mai tsara jarrabawa, yana nufin kafin a fitar da jadawali. Abin da ya biyo bayan haka alfarma ce, ana iya yi ana iya ƙi.

Wanda ya san yadda ake haɗa jadawalin jarrabawa a babbar jami'a ba zai ga wannan a matsayin mugunta ba. Ofishin jarrabawa na da dubban ɗalibai, kowanne da kwasa-kwasan da ya zaɓa, da ɗakuna ƙidayayyu, da masu sa ido da aka ɗauka na 'yan makonni, da ɗalibai masu lalura da ake ƙara wa lokaci a ɗaki na daban. Ana zuba duk wannan a manhaja tare da sharuɗɗa, kamar kada ɗalibi ya samu takarda biyu a sa'a ɗaya. Idan tun farko aka ce wa manhajar kada ta sa kwas kaza a ranakun kaza, ƙarin sharaɗi ɗaya ne cikin ɗaruruwa, kuma sau da yawa ba ya cin kowa komai. Idan kuwa jadawali ya fita, matsar da takarda ɗaya ta ɗalibai ɗari uku na nufin a nemo ɗakin da babu kowa, a duba ko sabuwar ranar ta yi karo da wata takardar ga ko da mutum ɗaya cikinsu, a kuma fuskanci waɗanda suka riga suka sayi tikitin jirgi. Shi ya sa jami'o'in Birtaniya da yawa suke da fom na musamman na ranakun ibada, da wa'adin cike shi a makonnin farko na zango. Ɗalibanmu kan tsallake wannan saƙo cikin tarin imel ɗin makon rajista, saboda a gida ba su taɓa buƙatarsa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Nan take za a ce: ta yaya zan sanar da ranar da ba a ga watanta ba? Wannan ita ce tambayar da ke sa ɗalibai da yawa jira, kuma jiran ne ke kashe wasiƙar. Gaskiya ne ba a sanin ranar Ƙaramar Sallah tabbas sai daren jajibere, Babbar Sallah kuma sai kimanin kwana tara ko goma kafin ta zo, wato bayan an ga watan Zulhajji. Amma wata ba ya wuce kwana 29 ko 30, kuma lissafin masana falaki na nuna ranar haihuwarsa shekaru masu yawa gaba. Abin da ba a sani ba shi ne wacce ce cikin kwana biyu, a wasu shekarun uku. Don haka ɗalibi ba ya buƙatar jiran sanarwa, zai rubuta cewa Idi zai faɗo ɗaya daga cikin ranaku biyu, ya ambace su, ya bayyana dalilin rashin tabbas ɗin a jimla guda. Jami'an jarrabawa a garuruwan da Musulmi ke da yawa sun saba da wannan bayani.

Akwai wani tarko a nan da ɗan gida kan faɗa. Sallar da zai nema ita ce ta garin da yake zaune, domin abin da malamai suka fi tafiya a kai shi ne mutum ya yi azumi ya sha ruwa tare da mutanen ƙasar da yake ciki. A 2024 Nijar ta yi Ƙaramar Sallah ranar Talata 9 ga Afrilu, Najeriya ranar Laraba 10, yawancin Indiya kuma ranar Alhamis 11. Ɗalibin Tsafe da ke karatu kusa da Delhi, in ya rubuta wa jami'arsa yana neman a ɗaga masa takardar Laraba saboda a gida ranar ake Sallah, zai sa kansa cikin kunya, domin abokan karatunsa Musulmin Indiya suna azumi a ranar, ga kuma hutu an ba kowa washegari. Saboda haka takardar shaida daga limamin Nahuce, ko hoton sanarwar fadar Sarkin Musulmi, ba su ne hujjar da za a maƙala wa wasiƙar ba, duk da girman masu su. Abin da ke aiki shi ne 'yar takarda daga limamin jami'ar ko masallacin Juma'ar garin, inda ɗalibin zai yi sallar. A Birtaniya ma masallatai kan rabu, wasu na bin sanarwar Saudiyya, wasu na bin ganin watan Maroko ko na cikin gida, kuma wannan ƙarin dalili ne na ambaton kwana biyu.

Sai abu na biyu, wanda ya fi nauyi: me wasiƙar za ta ce addini ya hana? A nan ɗalibai kan zarce gona da iri, su rubuta cewa Musulunci ya haramta aiki ko rubutu ranar Idi. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma mai karanta wasiƙar na iya tambayar limamin jami'a ya ji. Abin da aka haramta ranar Idi shi ne azumi. Sallar Idi kanta, a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, sunna ce mai ƙarfi, Hanafawa suka ce wajibi ce, Hambalawa suka ce farilla ce da wasu ke ɗauke wa wasu. Lokacinta daga bayan fitowar rana ne zuwa zawali, raka'a biyu ce da huɗuba. Mahauta da masu ɗinki da direbobin tashar Gusau sun san cewa babu ranar da ta fi jajibere da safiyar Sallah aiki. Ke nan matsayin Musulmi bai yi daidai da na Prais ba, wadda alƙalami ma ba za ta riƙe ba. Wasiƙar da ta ari hujjar da ba tata ba, ranar da aka gano ta, ta ɓata wa mai ita suna, ta kuma ɓata wa ɗaliban da za su rubuta bayansa. Hujjar gaskiya ta isa: sallah ce da ake yi cikin jam'i sau biyu kacal a shekara, a ƙayyadadden lokaci da safe, wadda ba a tara jama'a a sake ta don mutum ɗaya, kuma rana ce da al'ummar ɗalibin ta keɓe kamar yadda jami'ar ta keɓe 25 ga Disamba ba tare da kowa ya roƙa ba.

A ɗauka ɗan Nahuce ne ke digiri na biyu a wata jami'a a Ingila, kuma takardarsa ta faɗo Juma'a 6 ga Yuni 2025 da ƙarfe tara da rabi. An sanar da ganin watan Zulhajji da yammacin Talata 27 ga Mayu, aka tsaya Arfa ranar Alhamis 5 ga Yuni. Idan ya jira sanarwar, kwana tara ke gare shi, a tsakiyar lokacin jarrabawa, jadawali ya yi makonni da fita. Idan kuwa tun farkon zangon, wajen Janairu ko Fabrairu, ya cike fom ya bi shi da wasiƙa ga ofishin jarrabawa, ya sa malamin da ke kula da shi a kwafi, abin da zai rubuta bai wuce layi biyar ba, kuma ma'anarsa da Hausa ita ce: "Sunana wane, lambata kaza, ina ɗaukar kwasa-kwasai kaza da kaza. Babbar Sallah za ta faɗo Juma'a 6 ko Asabar 7 ga Yuni, gwargwadon ganin wata, kuma zan sanar da ku tabbacin ranar da zarar an bayyana ta a ƙarshen Mayu. Ana sallar ne cikin jam'i da safe. Ina roƙon kada a sa mini jarrabawa a waɗannan ranaku. In hakan bai yiwu ba, a sa ta da rana. In shi ma bai yiwu ba, a shirye nake in zauna a wani lokaci na daban bisa duk sharaɗin tsaro da kuka gindaya." Babu wa'azi a ciki, babu labarin kewar gida, babu barazanar kai ƙara. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne ta jera mafita uku daga babba zuwa ƙarama, ta bar wa jami'in ƙofar da zai ce to.

Waɗannan mafita suna da farashi, kuma ya kamata ɗalibi ya san shi kafin ya zaɓa. Idan aka ba shi damar zama bayan sauran sun gama, galibi sai an killace shi: a karɓe wayarsa, wani ma'aikaci ko amintaccen mutum ya kasance tare da shi tun daga lokacin da sauran suka fara har ya shiga ɗaki, don kada tambayoyin su iso masa. Wanda ya zaɓi wannan zai yi Sallarsa ba tare da kiran gida ba sai ya fito. Idan aka ɗaga masa zuwa zaman watan Agusta, wanda ake yi wa masu maimaitawa, to sai ya tabbatar an rubuta masa cewa zaman farko ne. Bambancin babba ne, domin a yawancin jami'o'in Birtaniya mai maimaitawa ba ya wuce makin tsira komai ƙoƙarinsa, wato 40 a digirin farko, 50 a digiri na biyu. Ga kuma kuɗin haya na ƙarin watanni, da jinkirin sakamako, da wa'adin biza, abubuwan da suka fi ciwo ga wanda tallafin karatunsa ba ya zuwa a kan lokaci. Mafi muni shi ne ya ƙi zuwa ba tare da rubutaccen izini ba, domin sifili za a rubuta, kuma alkawarin baki da wani malami ya yi masa a bakin ofis ba zai tsaya masa a gaban kwamitin jarrabawa ba.

Masu suka daga ɓangaren jami'a suna cewa idan aka biye wa kowane addini, babu ranar da za ta rage. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya idan ana nufin ɗaga jarrabawar kowa da kowa, shi ya sa na ce ba shi ne abin roƙo ba bayan jadawali ya fita. Amma a kan keɓe wa mutum ɗaya mafita, dokokin ƙasashen da kansu sun riga sun amsa. Dokar Daidaito ta 2010 a Birtaniya ta ɗauki ƙa'idar da ake shimfiɗa wa kowa daidai amma take cutar da mabiya wani addini a matsayin wariya ta bayan fage, sai fa idan hukuma ta nuna cewa tana da manufa halattacciya kuma matakin bai wuce kima ba. Tsare amincin jarrabawa manufa ce halattacciya, shi ya sa wasiƙar da ta makara ba ta da ƙafar tsayawa, ita kuwa wadda ta zo da wuri da mafita mai sauƙi tana sa ƙin amsa ta ya yi wuyar karewa. A jihar New York dokar ilimi ta wajabta wa manyan makarantu su ba ɗalibin da addini ya hana shi zuwa wata dama daidai da wadda ya rasa, ba tare da cajin kuɗi ba. Har Faransa, wadda ta hana ɗankwali a makarantun gwamnati a 2004, takardar umarnin da ta fayyace wannan doka ta ce makarantu da jami'o'i su kauce wa sa jarrabawa a ranakun manyan bukukuwan addini. Idan ƙasar da ta fi kowa tsaurin raba addini da hukuma ta ga abin mai yiwuwa ne, to batun rashin isassun ranaku ya raunana.

Suka mafi kaifi daga gida take zuwa, kuma ta fuska biyu. Akwai uban da zai ce a waya: "Kai da aka tura karatu, ina ruwanka da Sallah? Ka rubuta takardarka, Allah ya kai mu ta baɗi." Yana da abin faɗa. A Ingila rana kan fito kafin ƙarfe biyar a farkon Yuni, manyan masallatai kuma kan yi jam'i fiye da ɗaya saboda cunkoso, don haka mai takardar tara da rabi na iya samun jam'in farko ya kuma iso ɗaki a kan lokaci, in masallacin na kusa. Wanda aka ƙi roƙonsa, wannan ita ce hanyarsa, kuma babu laifi a kansa. Sai dai yiwuwar jurewa ba ta soke haƙƙin tambaya, kuma akwai ɗalibin da masallaci mafi kusa da shi tafiyar sa'a ce a bas. Akwai kuma abokin da zai ce addini na gaba da boko, ya yi zamansa kawai kowa ya yi abin da zai yi. Wannan ya fi wancan kuskure, domin yana sa yaro ya zubar da amanar kuɗin da iyaye ko jama'ar jiha suka kashe, saboda abin da shari'a ba ta ɗora masa a matsayin dole ba, alhali akwai hanyar haɗa biyun da ba ta fi cike fom ba.

Ya kamata kuma mu yarda cewa hujjar da muke kai wa Turawa tana bin mu har gida. A 2018 ƙungiyoyin Musulmi sun yi ƙorafi kan jadawalin WAEC da ya ci karo da sallar Juma'a, hukumar kuma ta gyara lokacin. Wanda ya ji daɗin wannan gyara ba shi da bakin ƙin sauraron ɗalibi Kirista a Gusau ko Ƙaura Namoda idan malami ya sa gwaji safiyar Lahadi don a cike gurbin yajin aiki, ko mabiyin cocin da ke keɓe Asabar idan ya rubuto tun farkon zango. Ma'aunin ɗaya ne: ya sanar da wuri, ya faɗi gaskiyar abin da addininsa ya ce, ya kawo mafitar da ba ta taɓa amincin jarrabawa ba.

Ga hukumar tallafin karatu ta jiha da iyayen da ke da 'ya'ya a waje, aikin ƙarami ne: a sa wannan batu cikin jawabin sallama, tare da batun biza da masauki, a ce wa yaro ya nemi fom ɗin ranakun ibada a makon rajista. Lissafi ya nuna Babbar Sallah za ta faɗo wajen 27 ga Mayu a 2026, wajen 16 ga Mayu a 2027, da wajen 5 ga Mayu a 2028, duk cikin ko a bakin lokacin jarrabawar bazara, Ƙaramar Sallah kuma za ta iso jarrabawar Janairu a 2031 da 2032. Ɗalibin da zai rubuta takarda a ɗaya daga cikin waɗannan shekaru ya ƙara kwana ɗaya a kan ranar, ya ambaci duka biyun, ya aika wasiƙarsa a makon farko na zango, ya kuma adana amsar da aka ba shi a rubuce.